Kayan Ado Bayan Sallah: Yaushe Ake Saye, Me Ake Ajiyewa?

Jama'a masu sauraro, musamman 'yan uwa na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da garuruwan da ke kewaye da su.

Sharhinmu na yau a kan kayan ado ne, wato kayan da muke ƙawata gida da makaranta da filin taro da su idan Sallah ko Mauludi ko walima ta zo: yadin labule da ake lulluɓe rumfa da shi, da fitilu masu walƙiya, da furannin roba, da tutoci, da yadin anko, har da kayan doki ga masu hawa. Kowa ya san kayan nan suna tsada ana gobe Sallah, kuma kowa ya ji ana cewa a bari sai Sallah ta wuce a saya da araha. Maganar gaskiya ce, amma rabinta ake faɗa. Ba bayan kowace Sallah kaya ke karyewa ba, ba kowane kaya ke jure ajiyar shekara a ƙasarmu ba, kuma wanda bai tsayar da launin da zai yi baɗi ba, duk abin da ya saya da araha tarkace ya tara.

Mu fara da lokaci, domin a nan mutane suka fi ruɗewa.

Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah kwana kusan 70 ne kawai. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, aka yi Babba ranar 6 ga Yuni. Ɗan kasuwar da ya yi kwantai a Ƙaramar Sallah ba ya cikin damuwa, don ya san wata Sallar na tafe, ga kuma bukukuwan aure da ake ɗagawa zuwa bayan azumi. Idan ka je masa a makon farko na Shawwal ka yi tayi ƙasa-ƙasa, albarka zai ce maka, kuma yana da gaskiya. Ɗan ragin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Karyewar gaske bayan Babbar Sallah take zuwa. A shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a bakin damina, lokacin da mai shago, wanda yawanci shi ma manomi ne, yake neman kuɗin taki da iri da na 'yan ƙwadago. Masu saye kuma sun zuba abin hannunsu a rago, sauran ya tafi gona. Kasuwar yadi da kayan ƙawa sai ta yi sanyi. Ga kuma uban gidansa na Kantin Kwari ko na Sabon Gari a Kano, wanda ya ba shi kaya bashi, yana bugo waya yana tambayar cikon kuɗi. Mutumin da ke cikin wannan hali shi ne zai ce maka: Alhaji, kawo abin da ke hannunka, na sallama.

Fitilu da tutoci kuwa nasu lokacin daban ne. Ga garuruwa da makarantun da ke yin Mauludi, kasuwar waɗannan kaya tana ci har zuwa Rabi'ul Awwal, wata uku bayan Babbar Sallah, don haka mai su ba zai karyar ba sai an gama. An yi hutun Mauludi ranar 16 ga Satumba a 2024, aka yi ranar 5 ga Satumba a 2025. Daga nan ƙofa takan buɗe, amma ba ta daɗewa. Da zarar an fara yankan gero, kuɗi ya shigo hannun manoma, bukukuwan kaka sun kankama, masu ƙawata wuraren biki za su dawo kasuwa su kwashe furanni da labule, farashi ya sake miƙewa. Makonnin da ke tsakanin ƙarshen Mauludi da shigowar kuɗin kaka, nan ne damar take.

Akwai wani abin da ya sa 'yan kasuwar yankinmu suka fi na wasu wurare saurin rabuwa da kwantai, kuma ba abin farin ciki ba ne. Ƙaura gari ne na ciniki tun da layin dogo ya iso ta a 1929 ya tsaya a nan, kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuwa tana jawo mutane daga Isa da Sabon Birni har daga Jamhuriyar Nijar. Amma duk mai shago a nan yana tuna 2021, lokacin da gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya saboda matsalar tsaro. Yana tuna farkon 2023 da takardar kuɗi ta yi wuya bayan sauya fasalin naira, yana tuna rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Wanda ya ga waɗannan ba ya son kuɗinsa ya kwana a cikin kayan da sai shekara ta zagayo za a neme su. Na faɗi wannan ne don mai saye ya fahimci dalilin arahar, kuma don ya yi tayi da tausayi. A nemi ragi, amma kada a matse mutumin da ke cikin ƙunci har ya sayar ƙasa da yadda ya saro. Baɗi ma wurinsa za a koma.

To, a ce lokaci ya yi, kaya sun karye. Me za a saya?

A nan ne zaɓen launi tun da wuri yake shigowa, kuma a ganina shi ne ginshiƙin maganar duka. Wanda ya shiga kasuwa ba tare da ya san abin da yake nema ba, abin da ya rage zai kwaso: labule ja yadi 10, shuɗi yadi 7, fure ruwan hoda, tuta ruwan goro. Kowanne da araha ya same shi, amma ranar taro idan aka haɗa su ba za su zauna da juna ba, dole a koma kasuwa a sayo wasu da tsadar da aka guje wa. Wannan ne ma'anar araha ba ta ado. Abin da ya kamata shi ne a zauna a cikin makon da aka gama taron bana, tun idon kowa na tuna abin da ya yi kyau da abin da bai yi ba, a yanke shawarar launin baɗi. Launi biyu sun isa. Ɗaya babba, wanda zai ɗauki mafi yawan yadi kuma za a iya maimaita shi shekara uku ba a gaji da shi ba, kamar fari ko kore ko ruwan madara. Ɗaya ƙarami, na geza da fure da ɗaurin sanda, wanda shi za a riƙa sauyawa duk shekara don wuri ya fito sabo. Kuɗi mai yawa yana cikin babban launi, kuma shi ne ya cancanci a saye shi da yawa a lokacin araha.

Sai dai kada a kulle shawara kafin a leƙa kasuwa. A fitar da zaɓi biyu, a tura mutum ya duba wanne daga cikinsu ya yi kwantai da yawa a hannun masu shago. Idan kwamiti ya ce kore da fari, ko shuɗi da fari, aka tarar shuɗi ne ya rage bandir guda cur a shago ɗaya, to shuɗi ya ci. Dalili kuwa shi ne yadi launi ɗaya daga bandir biyu ba lallai ya zo iri ɗaya ba. Rinin kowane zubi yana ɗan bambanta, a cikin shago ba za ka gani ba, sai an rataya su gefe da gefe a hasken rana sannan ɗaya ya fi ɗaya duhu. Wanda ya sayi rabi yanzu da niyyar cikawa baɗi, da wuya ya sami abokin na farko.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi dalla-dalla. Alƙaluman da zan kawo na kwatance ne don lissafi ya fito, kowa ya sa farashin kasuwarsa a gurbinsu.

A ƙaddara wata makarantar Islamiyya ce a Ƙaura mai ɗalibai 60, tana yin taro sau ɗaya a shekara, ko Mauludi ko walimar saukar Alƙur'ani. Tana kafa rumfa biyu. Tana bukatar yadi 40 na labule don bayan rumfar manyan baƙi da lulluɓe sanduna, da igiyar fitila 10, da damin furen roba 6, da ƙananan tutoci. Ana saura mako ɗaya taro, kayan nan gaba ɗaya sun ci naira 100,000. Bayan an gama, mai shago ya yarda ya ba da irinsu a 75,000. A ido, ribar 25,000 ke nan. Amma lissafi bai ƙare ba. Za a sayi duro na roba mai murfi da kafur, a ce 6,000. Cikin fitilu 10, a sa ran biyu ba za su kama ba idan aka fito da su, a ce asarar 5,000. Riba ta dawo 14,000. Duron zai yi shekaru yana aiki, don haka a shekara ta biyu wannan kashin ya fita daga lissafi, amma a shekarar farko dole a ƙirga shi.

Saura tambaya mafi nauyi: daga ina 75,000 ɗin ta fito? Idan ragowar gudummawar taron bana ce, wadda in an bar ta a hannun ma'aji za a yi ta cirar ta kaɗan-kaɗan har ta ƙare, to mayar da ita kaya alheri ne. Idan kuwa daga kuɗin alawus ɗin malamai za a cira, ko bashi za a ci, ko jarin wata baiwar Allah ne da take juyawa a ƙosai ko ƙuli-ƙuli, to a bar maganar. Kuɗin da ke juyawa duk mako zai haifi abin da ya fi 14,000 a cikin wata 11. Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, Hausawa suka ce, kuma bashin da aka ci don Sallar da ba ta zo ba ya fi wannan ciwo.

Akwai ɓangare guda da ke ƙara wa mai sayen wuri ƙarfi, shi ne tashin farashi. Yawancin fitilu da furannin nan daga ƙasar Sin ake shigo da su, da yawa daga babbar kasuwar birnin Yiwu, kuma da dala ake saro su. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan shekara, kayan da suka ci 100,000 bana suna iya cin 130,000 baɗi, wanda ya saya a 75,000 kuwa ya tsira da kusan rabin kuɗin. Amma kada a ɗauka kullum haka za ta kasance. A 2025 dala ta ɗan tsaya wuri ɗaya, farashin hatsi ma ya sauko, waɗanda suka ɓoye masara da tsada suna jiran ta ƙara tashi sun ji a jikinsu. Saboda haka ni dai ma'aunina shi ne: a yi lissafi kamar farashi ba zai motsa ba. Idan ragin bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, bai cancanci wahalar ajiya ba. Idan ya kai kashi ɗaya cikin huɗu ko ya wuce, kuma kayan masu jure ajiya ne, a saya. Abin da tashin farashi ya ƙaro daga baya, gyara ce.

Yanzu mu je bakin shago, domin kwantai yana da dalilin da ya sa ya kwanta. Wani don ya yi yawa ne, wani kuwa don masu sayen farko sun ga aibinsa sun ajiye.

Yadi, a sa mai shago ya warware shi, kada a tsaya a ninkin waje. Wanda ya yi makonni a rataye a bakin rumfa, rana takan ci gefen da ke waje, sai ka ga layi fari-fari yana bin tsawon ninkin, kuma wannan layin ba ya fita da wanki. A shinshina shi, in yana warin danshi to ruwa ya taɓa shi. A jiƙa farin ƙyalle a goga a bakin yadin, in launi ya biyo ƙyallen to yana zuba, kuma ranar da yayyafi ya same shi a jikin rumfa zai ɓata farin da ke kusa da shi. Wannan gwajin yana da muhimmanci yanzu fiye da da, saboda shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kwana 10 ko 11, Mauludi kuma ya shigo tsakiyar damina, zai ci gaba da ja baya cikin Agusta da Yuli a shekaru masu zuwa. Adon takarda da yadi mai zuba ba na wannan lokaci ba ne.

Fitila kuwa, kada a karɓe ta a cikin kwalinta a tafi. A jona ta a nan shagon, ko da da janareto ne, a bar ta ta yi kamar minti biyar. A duba ko akwai sashen da bai kama ba, domin irin waɗannan fitilu a jere suke, in ɗaya ta mutu takan ɗauke 'yan uwanta na sashen. A girgiza wayar a hankali, in hasken yana ɗaukewa yana dawowa to akwai inda ta kusa tsinkewa a ciki. A taɓa ɗan akwatin da ke sauya walƙiyar, in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa a ajiye ta, irinta ce ke ƙonewa, wani lokaci har ta kama labule. Mai amfani da batir, a cire batiran kafin ajiya, don suna yoyo su cinye ƙarfen da ke ciki. Mai amfani da hasken rana kuwa tana da nata sharaɗin: batirin cikinta yana mutuwa in aka bar shi babu caji wata da watanni, don haka sai an riƙa fito da ita duk bayan wata biyu ko uku ta sha rana yini guda. Wanda ya san ba zai iya wannan ba, kada ya saye ta don ajiya.

Akwai kayan da ko kyauta aka ba ka bai kamata ka ajiye su shekara ba. Balan-balan na narkewa ya manne da juna a zafin bazara. Duk abin da aka liƙa da gam, kamar furen da aka manna wa ƙyalƙyali, gam ɗin yakan saki idan ɗaki ya yi zafi, kuma mun san yadda ɗakin kwano yake a Shinkafi ko Zurmi cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Allon leda da aka buga wa shekara da kwanan wata, amfaninsa ya ƙare ranar da aka gama taro. Makarantar da ke son tanadi ta buga babban allo mai sunanta kawai, ta bar gurbi a ƙasa inda za a riƙa liƙa ɗan ƙaramin yanki mai ɗauke da shekara da taken taron. Babban zai yi shekaru, ƙaramin ne kaɗai za a riƙa sakewa.

Sai anko, wanda shi ma ado ne, kuma shi ne ya fi jawo saɓani. In makarantar nan tamu ta ce yara 60 za su yi anko mai dacewa da launin rumfa, to yadi za ta saya, ba ɗinki za ta bayar ba. Yaro ɗan shekara 10 da aka auna yau, kafin wata 11 rigar ta ɗage masa. Kuma a ƙara kashi ɗaya cikin goma a kan abin da aka ƙirga, saboda sababbin ɗalibai da kuskuren tela. A ajiye yadin a dunƙule, sai ana saura wata biyu a kai ɗinki, kafin teloli su cika. Ga iyayenmu mata masu anko na atamfa, shawarata daban ce. Atamfa tana da zane, zane kuma yana da yayi. Turmin da ake rububinsa bana, baɗi za a ce tsohon yayi ne, kuma in wata ta shigo ƙungiya daga baya ba za a samo mata irinsa ba, don kamfani ya wuce zuwa wani zanen. Hajiya, in kina jagorantar ƙungiyar adashi kuna son tanadin baɗi, ki tsaya a kan abin da ba shi da zane: shadda ko yadi launi ɗaya, mayafi, ɗankwali. A tsayar da launin yanzu, a sayi waɗannan da araha, a bar atamfar sai lokaci ya matso a nemo wadda ta shiga da launin. Ta haka rabin kuɗin ya sauka, kuma babu wadda za ta ji an sa ta fita da abin bara.

Masu doki su ma suna da rabo a wannan magana, ko da a taƙaice. Bayan hawan Babbar Sallah akwai samarin da suka yi kayan doki don hawa ɗaya, a fadar Sarkin Kiyawa ko ta Sarkin Zamfaran Zurmi ko wani wuri, sai bukatar kuɗi ta taso su sayar. Sirdi da likkafa da linzami suna jure shekaru, sayensu a wannan lokaci dabara ce. Jalala da sauran kayan da aka yi wa aikin zare mai ƙyalli kuwa suna dusashewa in danshi ya same su, fata kuma tana yin fumfuna a Agusta ta tsage a hunturu in ba a shafa mata mai ba. Sannan mai saye ya tuna cewa hawa ba tabbas ba ne. An dakatar da shi a 2020 saboda annobar korona, kuma a yankinmu yanayin tsaro yana iya sa a dakatar da shi a kowace shekara. Wanda zai zuba kuɗi a kayan doki ya zuba abin da zai iya haƙura da shi in an ce bana babu hawa.

Ajiyar kanta ba ta da wuya, amma ita ce ke cinye ribar mutane da yawa. Abokan gaba huɗu ne: gara, da ɓera, da danshi, da zafi. Kada a ajiye a ƙasa, kada a jingina da bangon ƙasa, kada a cusa a saman rufi dab da kwano. Duro na roba mai murfi ya fi kwali da buhu nesa ba kusa ba, a ɗora shi a kan bulo ko katako. Yadin da aka riga aka yi amfani da shi a wanke shi ya bushe sarai kafin a ninke, domin ɗigon lemo ko maiƙon abinci shi ke kiran kyankyaso da ɓera. A naɗe kafur a takarda a sa a gefe, kada ya taɓa furannin roba. Kowace igiyar fitila a naɗe ta a jikin guntun kwali ita kaɗai, don yawancin tsinkewar waya wajen warware cukurkuɗaɗɗiyar fitila ake yin ta. A buɗe duron sau biyu, sau ɗaya idan damina ta ɗauke, sau ɗaya kafin ta sake sauka, a bar kayan su sha iska a inuwa.

In kayan jama'a ne, na makaranta ko na ƙungiya, to a rubuta su. Takarda ɗaya a cikin duron, ɗaya a hannun shugaba: yadi kaza, fitila kaza, an saya ranar kaza a kan kuɗi kaza. Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne aro. Da zarar unguwa ta san akwai labule da fitilu a makaranta, mai suna zai zo, mai ɗaurin aure zai zo, kuma kunya ba za ta bari a hana ba. Kafin shekara ta zagayo yadi 40 ya koma 28, babu wanda ya ci amana, amma babu wanda ya san inda sauran suka shiga. A yanke tun farko: ko babu aro sam, ko kuma haya ce da ɗan kuɗi kaɗan da za a rubuta, wanda shi zai maye gurbin abin da ya lalace.

Abu na ƙarshe ya shafi hanya, kuma ina roƙon a saurare shi da kyau. Mun san halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta Moriki take ciki, mun san ta Zurmi zuwa Jibiya. Ragin naira 20,000 bai kai a ce mutum ya yi tafiya ta musamman dominsa ba. A fara da shagunan garin da ake ciki. In dole sai daga Gusau ko Kano, a ba da saƙo ta hannun ɗan kasuwar da dama zai je sari, a ba shi guntun yadin a hannu don ya gwada launi da idonsa, domin hoton waya yana sauya launi. 'Yan uwanmu da ke ƙauyukan da ake yawan tashi kuwa, in sun sayi kaya, su ajiye su a gidan ɗan uwa a cikin gari.

Don haka malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin mata da iyayen gida, in taronku na bana ya wuce, ku kira zama a cikin wannan makon. Ku ƙirga abin da ya rage a hannu, ku fitar da launi biyu, ku tura mutum biyu kasuwa da farin ƙyalle a aljihu, su dawo muku da farashi kafin ku fitar da ko sisi.

Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya maimaita mana.